Yadda ake fitar da diribatif ɗin sayin daga iyaka, da iyakar ƙaramar kusurwa da yake dogara a kanta

Ɗalibin da ya fara kalkulas yakan haddace cewa diribatif ɗin sin x shi ne cos x, kuma da wannan haddar yana iya amsa tambayoyi masu yawa ba tare da ya taɓa tambayar daga ina maganar ta fito ba. Amma maganar tana da sharaɗi, domin gaskiya ce idan an auna kusurwa da radiyan, kuma ba gaskiya ba ce idan an auna ta da digiri. Wanda bai bi hujjar daga tushe ba, ba zai san dalilin wannan sharaɗi ba. Abin da nake son nunawa shi ne cewa hujjar tana da sashe biyu waɗanda nauyinsu ba ɗaya ba ne: akwai aljabara mai sauƙi wadda take rarraba matsalar, sannan akwai iyaka guda ɗaya wadda aljabara ba ta iya samarwa, sai an koma ga zanen da'ira.

Diribatif shi ne ma'aunin saurin canjin abu a daidai wuri guda. Idan muna da f(x), sai mu matsa daga x zuwa x + h, mu duba nawa f ya canja, mu raba wannan canji da h, sannan mu tambayi wace lamba ce sakamakon yake dosa yayin da h take ƙanƙancewa tana kusantar sifili. Wannan lambar da ake dosa ita ce iyaka, wadda ake rubutawa lim. Ga sayin, abin da muke nema shi ne:

lim (h → 0) [sin(x + h) − sin x] / h

Ba za a iya sanya h = 0 kai tsaye ba, saboda na sama zai zama sifili, na ƙasa ma sifili, kuma sifili a raba da sifili ba ya nuna wata lamba. Iyaka ba ta tambayar abin da ke faruwa a kan sifili, tana tambayar abin da ke faruwa a gefensa ne, ta dama da ta hagu. Don haka a duk aikin da zai biyo baya h ba sifili ba ce, kuma wannan ne ya ba mu damar rabawa da ita.

Matakin farko shi ne ƙa'idar sayin na kusurwa biyu da aka haɗa, wadda ake koyo a tirigonometiri tun kafin kalkulas, kuma hujjarta ba ta buƙatar diribatif:

sin(x + h) = sin x cos h + cos x sin h

Idan muka sanya wannan a na sama, muka tara abubuwan da ke ɗauke da sin x a gefe guda, sai kason ya rabu gida biyu:

[sin(x + h) − sin x] / h = sin x · (cos h − 1)/h + cos x · (sin h)/h

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya lura da abin da rabuwar ta yi. Lambobin sin x da cos x ba su san da zaman h ba, domin x tana tsaye a wuri guda yayin da h kaɗai take motsi. Duk motsin ya koma cikin kaso biyu, wato (cos h − 1)/h da (sin h)/h, kuma babu x a cikin ko ɗayansu. Ma'ana, tambayar saurin canjin sayin a kowace kusurwa ta koma tambaya game da abin da ke faruwa kusa da kusurwar sifili kaɗai. Idan kaso na farko ya doshi 0, na biyu kuma ya doshi 1, to amsar ita ce sin x · 0 + cos x · 1, wato cos x. Aikin aljabara ya ƙare a nan, kuma har yanzu ba mu tabbatar da komai ba, tunda kowane ɗaya daga cikin kason biyu sifili ne bisa sifili idan h ta kai sifili.

Kafin zane, dole a fayyace mene ne radiyan. A ɗauki da'ira wadda nisan da ke tsakanin tsakiyarta da bakinta, wato radiyos, ya zama 1. Idan aka buɗe kusurwa daga tsakiyar, ƙafafunta biyu za su yanke wani baka a bakin da'irar, kuma tsawon wannan baka shi ne girman kusurwar a radiyan. Kewayen da'irar gaba ɗaya 2π ne, don haka zagaye cikakke na digiri 360 shi ne radiyan 2π, digiri 180 kuma radiyan π. Digiri yarjejeniya ce ta raba zagaye gida 360, ba ta da alaƙa da tsawon komai, amma radiyan tsawo ne na zahiri, irin wanda za a iya aunawa da zare. Shi ma sin h tsawo ne a cikin wannan da'irar, wato tsayin ƙarshen bakan daga layin kwance. Saboda haka (sin h)/h kwatanta tsawo ne da tsawo: miƙaƙƙen layi a sama, lanƙwasasshen baka a ƙasa. Masana taurari na Indiya, irin su Aryabhata a wajen shekara ta 499, sun ɗauki sayin a matsayin rabin tsirkiyar baka, kuma da kalmarsu ta shiga Larabci aka riƙa karanta ta jaib, kalmar da aljihu na Hausa ya samo asali daga gare ta. Siffar baka da tsirkiya ta dace da batunmu sosai, domin abin da iyakar take faɗa shi ne cewa idan baka ya yi gajarta ƙwarai, tsawonsa da na tsirkiyarsa sun kusa zama ɗaya.

Lambobi suna nuna hakan. Idan h = 0.5, sin h ya kai 0.479426, kason kuma 0.958851. Idan h = 0.1, sin h ya kai 0.0998334, kason 0.998334. Idan h = 0.01, kason ya zama 0.999983. Wannan yana ƙarfafa zato, amma ba hujja ba ce, domin lambobi uku ko dubu uku ba su hana kason ya tsaya a wani wuri ɗan ƙasa da 1 ba. Akwai kuma wata gajeriyar hanya da ake yawan bi wadda ba ta kai mutum ko'ina: a ce sin h yana dosar sifili, h ma tana dosar sifili, saboda haka sun zama ɗaya, kasonsu 1 ne. A gwada wannan tunanin a kan 2h da h. Dukansu suna dosar sifili, bambancinsu ma yana dosar sifili, amma kasonsu 2 ne a kowane lokaci. Abu biyu su ƙanƙance tare bai nuna cewa da sauri ɗaya suke ƙanƙancewa ba, kuma saurin ne ake tambaya.

Ga zanen da yake warware matsalar, kuma ina ba mai karatu shawara ya zana shi a takarda yayin da yake karantawa. Tsakiyar da'irar ita ce O. A bakin da'irar, ta dama, kan layin kwance, akwai A. Daga O a ja layi da ya yi kusurwa h da OA, inda h take tsakanin 0 da π/2, ya taɓa da'irar a P. Daga A kuma a tayar da layi tsaye cak, a ci gaba da jan OP har ya wuce da'irar ya haɗu da wannan layin a T. Yanzu akwai siffofi uku, kowace a cikin wadda ta fi ta girma. Ta farko ita ce alwatika OAP, mai miƙaƙƙen gefe daga A zuwa P. Ta biyu ita ce yankin da'ira OAP, mai kama da yankan kankana, wanda gefensa daga A zuwa P baka ne. Ta uku ita ce babbar alwatika OAT, wadda ta leƙa wajen da'irar.

Filin alwatika rabin gindi ne sau tsayi. Ƙaramar alwatikar gindinta OA ne, wato 1, tsayinta kuma sin h, don haka filinta (sin h)/2. Babbar alwatikar gindinta 1 ne ita ma, tsayinta AT, wanda shi ne tan h, don haka filinta (tan h)/2. Yankin da'irar kuwa rabo ne daga cikin dukan da'irar: filin da'irar π ne, kusurwar zagaye 2π, don haka yanki mai kusurwa h yana da h/(2π) na π, wato h/2. A wannan layin ne radiyan ya shiga hujjar, kuma ba ya sake fita. Tunda siffa ta farko tana cikin ta biyu, ta biyu kuma tana cikin ta uku, idan muka ninka filayen da 2 za mu samu:

sin h < h < tan h

Daga ɓangaren hagu, rabawa da h ta ba mu (sin h)/h < 1. Daga ɓangaren dama, tan h shi ne sin h a raba da cos h, kuma da yake h da cos h duka sun fi sifili a wannan tazarar, za mu iya ninkawa da cos h mu raba da h ba tare da alamar ta juya ba, sai mu samu cos h < (sin h)/h. A haɗe:

cos h < (sin h)/h < 1

Kason da muke bi ya shiga tsakanin bango biyu. Bangon sama tsaye yake a kan 1, bangon ƙasa kuma yana matsowa zuwa 1 yayin da h take ƙanƙancewa, don haka abin da ke tsakaninsu ba shi da wata mafita sai ya doshi 1. Wannan ita ce ƙa'idar matsi. A gwada da h = 0.1: cos h ya kai 0.995004, kason 0.998334, kuma lalle yana tsakanin wannan da 1.

Littattafai da yawa sukan wuce maganar cewa cos h yana dosar 1 kamar abin da ba ya buƙatar bayani, kuma a zane haka yake, amma ina ganin ya fi kyau a tabbatar da ita, musamman da yake hujjarta za ta ba mu iyaka ta biyu a kyauta. Daga ƙa'idar kosayin na kusurwa biyu da aka haɗa, idan kowace ta zama h/2, ana samun:

1 − cos h = 2 sin²(h/2)

Mun riga mun nuna cewa sayin ƙaramar kusurwa bai kai kusurwar ba, don haka sin(h/2) < h/2, kuma 2 sau (h/2)² shi ne h²/2. Ke nan:

0 < 1 − cos h < h²/2

Wannan ya faɗi fiye da cewa cos h yana dosar 1, ya faɗi nisan da ya rage. Idan wani ya ce yana son (sin h)/h ya kusanci 1 da bambancin da bai kai 0.000001 ba, za mu iya amsa masa da lamba: ya ɗauki h da ba ta wuce 0.0014 ba, domin a nan h²/2 ya zama 0.00000098. Iya ba da irin wannan amsa ga kowane bambanci da aka nema, komai ƙanƙantarsa, shi ne ainihin ma'anar iyaka.

Iyaka ta biyu yanzu layi ɗaya ce. A raba wancan sakamakon da h, sai a samu 0 < (1 − cos h)/h < h/2, kuma h/2 yana dosar sifili, don haka matsi ya sake aiki, kason ya doshi 0. Shi kuwa (cos h − 1)/h kishiyarsa ce kawai ta fuskar alama, shi ma 0 yake dosa.

Saura h da take ƙasa da sifili, domin zanen ya yi magana ne a kan kusurwar da ta buɗe sama kaɗai, alhali iyaka tana buƙatar gefe biyu. Da yake sin(−h) = −sin h, idan aka sauya alamar h sai na sama da na ƙasa su sauya tare, kason (sin h)/h ya zauna yadda yake. Da yake cos(−h) = cos h, kason (cos h − 1)/h alamarsa kaɗai ke sauyawa, girmansa bai canja ba, kuma abin da ke dosar sifili ta ƙasa ko ta sama duk sifili yake dosa. Da wannan iyakokin biyu suka tabbata, kuma da aka mayar da su cikin rabuwar farko:

d/dx (sin x) = sin x · 0 + cos x · 1 = cos x

Yana da amfani a ga yadda wannan yake aiki a kusurwa guda. A ɗauki x = π/3, wato digiri 60, inda sin x ya kai 0.866025, cos x kuma 0.5 daidai. Da h = 0.1, sin(x + h) ya kai 0.911616, canjin 0.045590, kuma rabawa da h ta ba da 0.4559. Wannan ya yi nisa da 0.5 fiye da yadda mutum zai zata, tunda mun ga (sin h)/h ya riga ya kai 0.998334. Rabuwar tana nuna inda giɓin yake. Kashi na biyu, 0.5 sau 0.998334, ya ba da 0.499167, wanda ya kusa cika. Kashi na farko ne ya ja lissafin ƙasa: (cos h − 1)/h ya kai −0.049958, kuma sau 0.866025 ya zama −0.043265. Da h = 0.01 jimillar ta zama 0.49566, da h = 0.001 kuma 0.49957. Duk lokacin da h ta ragu ninki goma, giɓin ma yana raguwa kusan ninki goma, daidai da abin da h/2 ya nuna. Da h = −0.1 kuwa kashi na farko ya juya alama, jimillar ta zama 0.5424, ta wuce 0.5 ta sama. Iyakar da aka tabbatar a layi ɗaya ita ce mai jinkirin isowa, wadda ta ci zane da filaye uku kuma ita ce mai saurin isowa, domin giɓinta yana tafiya ne da h², ba da h ba.

Wanda ya yi wannan gwajin da kalkuleta ya samu amsa kamar 0.0087 maimakon 0.5, to na'urarsa tana kan digiri. Idan h tana cikin digiri, tsawon bakan ba h ba ne, πh/180 ne, filin yankin da'irar ma ya canja daidai da haka, kuma iyakar (sin h)/h ta zama π/180, wato kimanin 0.0174533. Ana iya ganin haka daga sayin digiri 1, wanda ya kai 0.0174524. Sauran hujjar ba ta canja ba, don haka a ma'aunin digiri diribatif ɗin sin x shi ne (π/180) cos x. Daga digiri 60 zuwa 61 sayin ya tashi daga 0.866025 zuwa 0.874620, ƙarin 0.008594, wanda ya yi kusa da 0.008727 da π/180 sau 0.5 ya bayar. Wannan ba kuskure ba ne, amsa ce daidai ga tambayar nawa sayin yake ƙaruwa a kowane digiri. Matsalar ita ce duk lokacin da aka sake ɗaukar diribatif sai wani π/180 ya ƙaru a gaba, shi ya sa kalkulas ya zaɓi ma'aunin da iyakar take zama 1 a cikinsa. Wata matsalar kalkuleta kuma ita ce ɗaukar h da ta yi ƙanƙanta fiye da adadin lambobin da na'urar take riƙewa, inda sin(x + h) da sin x za su fito iri ɗaya, a samu sifili ko wata amsa marar ma'ana. Wannan gazawar na'ura ce wajen debe lambobi biyu masu kusanci, ba ta shafi iyakar ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne wanda ɗalibai masu ƙoƙari suke yi. Bayan sun koyi ƙa'idar L'Hôpital, wadda ta fito a littafinsa na 1696 kuma asalinta daga Johann Bernoulli take, sai su ce (sin h)/h sifili ne bisa sifili, don haka a ɗauki diribatif ɗin na sama da na ƙasa, a samu cos h bisa 1, wanda yake dosar 1. Amsar daidai ce, amma a matsayin hujja ta zagaya ta ci wutsiyarta, domin an yi amfani da cewa diribatif ɗin sayin kosayin ne, alhali wannan maganar ba ta tsaya ba sai da iyakar da ake son tabbatarwa. Haka ma wanda ya kawo jerin h − h³/6 + … na sayin, idan da diribatif ya samo jerin. Hanyar gane irin wannan zagaye ita ce a tambayi kowane mataki me ya jingina da shi, har a isa ga abin da aka sani kafin kalkulas.

Idan aka yi wa hujjarmu wannan tambayar, za a isa ga abu guda da muka karɓa ba tare da tabbatarwa ba, wato cewa da'irar da kewayenta 2π ne filinta π ne. Wannan ma yana iya zama zagaye idan an samo filin da'ira ta hanyar kalkulas da ke amfani da diribatif ɗin sayin. Abin da ya kuɓutar da hujjar shi ne cewa Archimedes na Siracusa ya tabbatar da maganar tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS): filin da'ira daidai yake da na alwatika mai tsayin radiyos da gindi mai tsawon kewaye, kuma ya yi hakan ne ta hanyar matse da'irar tsakanin siffofi masu gefe da yawa, wasu a ciki, wasu a waje. Alaƙar aikinsa da iyakarmu ta fi ta aro kawai. A zana siffa mai gefe n daidai wa daida a cikin da'irarmu. Kowane gefe tsirkiya ce mai tsawon 2 sin(π/n), don haka kewayen siffar 2n sin(π/n) ne, kuma idan aka raba shi da kewayen da'irar, 2π, abin da ke fitowa shi ne (sin h)/h inda h = π/n. Siffa mai gefe 6 kewayenta 6 ne, na da'irar kuma 6.2832, kason 0.9549, wanda shi ne sayin digiri 30, wato 0.5, a raba da π/6. Archimedes ya riƙa ninka adadin gefen, daga 6 zuwa 12, 24, 48, har 96, inda ya samu cewa π yana tsakanin 223/71 da 22/7. A gefe 96, h ta kai kimanin 0.0327, kuma (sin h)/h ya riga ya kai 0.99982.